In Kana Son Daina Biya: Bashin Kashi-Kashi Daban, Rajistar Wata-Wata Daban

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]



Yau za mu tsaya ne kan wasu alat guda biyu da ke shigowa wayar mutane da yawa a ƙarshen wata. Na farko ya ce an cire maka Naira 5,000 kuɗin manhajar kallon finafinai. Na biyu ya ce an cire maka Naira 25,000 kuɗin wayar da ka karɓa a shago da sharaɗin za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. A fuskar waya kamarsu ɗaya. Kowanne da kansa yake fita daga asusunka, kowanne yana da ranarsa, kowanne kai ka ba da izini tun farko. Ba ka gane bambancinsu sai ranar da aljihu ya yi sanyi ka ce to, bari in dakatar. A ranar za ka tarar ɗaya yana tsayawa da danna maɓalli, ɗayan kuwa ko ka toshe kati, ko ka kwashe kuɗin asusun, yana nan yana jiranka, yana ma ƙaruwa.

Dalilin ba mai wuya ba ne. Mai garuwa da ke kawo maka ruwa kowace safiya, in ka ce masa daga gobe ya huta, magana ta ƙare, domin ruwan gobe bai zo ba tukuna. Amma buhun shinkafar da ka ɗauko wajen mai shago kan za ka biya sau huɗu, ba ka da bakin cewa ka fasa, shinkafa tana cikin gidanka, har an fara dafawa. Rajistar wata-wata kuɗin abin da za a ba ka nan gaba ne. Tsarin saya yanzu ka biya daga baya kuwa kuɗin abin da ka riga ka karɓa ne. Sunansa bashi, ko da tallan bai kira shi haka ba.

Bari mu fara da mai sauƙin, ba za mu daɗe a kansa ba.

Rajista iri biyu ce a wajenmu. Akwai wadda kai ne kake zuwa ka biya, kamar yadda akasarin mutane ke yi da dikodar DStv, GOtv ko StarTimes. Wannan ba ta buƙatar wata sokewa. Wata ya ƙare, ba ka biya ba, tashoshi sun ɗauke, shi ke nan, babu mai binka ko sisi. Sai kuma wadda ke sabunta kanta, irin su Netflix, Spotify da YouTube Premium, inda ka saka lambar katinka sau ɗaya, su kuma suke cira duk wata. Ita wannan dole sai ka shiga ka soke da hannunka. In ka soke, yawanci ba a mayar maka da kuɗin watan da ka riga ka biya, amma ba a yanke ka nan take ba. Mu ce an cire maka ranar 5 ga wata, ka soke ranar 20. Za ka ci gaba da kallo har zuwa 4 ga watan gobe, daga nan a rufe, kuma ba za a sake cira ba.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne goge manhaja. Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista. Mutum ya goge, hankalinsa ya kwanta, wata uku ana cire masa kuɗi yana zargin banki. Ƙa'idar ita ce, ta ƙofar da ka shiga ta nan za ka fita. In ta Google Play ka yi rajistar, buɗe shi, taɓa hotonka da ke sama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ka zaɓi wadda kake so ka danna Cancel subscription. Mai iPhone ya shiga Settings, ya taɓa sunansa, ya shiga Subscriptions. In kuwa kai tsaye ka yi a shafin kamfanin, can za ka koma. Sannan kada ka tashi sai ka ga saƙon tabbatarwa mai ɗauke da ranar ƙarewa, ka ɗauki hotonsa ka ajiye.

Ga masu kukan cewa katin waya yana zagwanyewa ba su yi kira ba, sau da yawa ƙananan rajistoci ne na labarai, wasanni ko waƙar kira ke cin sa. Tun 2023 da Hukumar Sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanonin waya suka zama iri ɗaya, lambar dakatar da irin waɗannan ita ce *305#, a kowane layi. In kamfanin ya ƙi saurarenka, layin ƙorafi na hukumar shi ne 622, kyauta ne.

To, a rajista mafi munin abin da zai same ka in kuɗi ya ƙi fita shi ne a rufe maka hidimar. Riƙe wannan a ranka, domin a ɗaya ɓangaren lamarin ya sha bamban.

[Ɗan kiɗa]

Tsarin saya yanzu ka biya daga baya ya yi ƙarfi ne a ƙasashen waje ta hannun kamfanoni irin su Klarna na Sweden, Afterpay na Ostireliya da Affirm na Amurka. Salon da aka fi saninsu da shi shi ne raba kuɗin kaya gida huɗu: ka biya kashi ɗaya wajen saye, sauran ukun kuma duk bayan mako biyu, cikin mako shida an gama, galibi ba kuɗin ruwa. A Najeriya salon ya ɗan sauya. Muna da irin su CredPal da Carbon Zero, muna da EasyBuy da ake gani a shagunan waya, ga kuma M-KOPA, wanda ya faro daga Kenya da na'urorin sola kafin ya shiga harkar wayoyi. A nan an fi neman kafin alƙalami mai ɗan kauri, wa'adin ya kan kai watanni, kuma sau da yawa akwai kuɗin ruwa a ciki.

Abin da nake so mai sauraro ya gane da kyau shi ne, a wannan ciniki ku uku ne, ba ku biyu ba. Akwai kai, akwai mai shago, akwai kamfanin da ya ba da lamuni. Ranar da ka fita da kayan, kamfanin ya biya mai shago kuɗinsa. Mai shago ya fita daga lissafi. Kai da kake ganin wajen Alhaji mai shago ka sayi waya, a takarda ba shi ke binka ba. Wani kamfani ne da wataƙila ba ka taɓa ganin ofishinsa ba, sai dai yaronsu mai riga da tambari da ya cike maka fom a bakin kanta, ya ɗauki hotonka, ya karɓi lambar BVN ɗinka.

Bari mu kafa misali, alƙaluman nawa ne don a fahimta, ba farashin wani kamfani ba ne. Wani tela yana buƙatar waya mai kyamara don ya riƙa tura wa kwastomomi hoton ɗinki. Kuɗin wayar a hannu Naira 180,000. Ya ba da kafin alƙalami Naira 54,000, saura 126,000, kamfani ya biya masa. Aka yanka masa Naira 25,000 duk wata har wata shida. Shida sau 25,000 ya kama 150,000. Ke nan uwar kuɗi 126,000, kuɗin ruwa 24,000. In ya gama lafiya, wayar ta tsaya masa a kan Naira 204,000.

Ya biya wata uku ba fashi, domin lokacin ɗinkin Sallah ne. Sallah ta wuce, kasuwa ta kwanta, ga kuɗin makarantar yara. Sai ya ce shi fa ya gaji, zai tsayar da wannan cirar. A lokacin ya riga ya zuba Naira 129,000, wato kafin alƙalami da biya uku. Saura 75,000.

Abu na farko da zai zo masa a rai shi ne abin da wani abokinsa ya yi da manhajar kallo: ya je banki ya toshe katin, ko ya daina barin kuɗi a asusun. Kuma gaskiya ne, zai iya. Izinin cira, ko ta kati aka ɗaura shi ko ta umarnin cira kai tsaye daga asusu, izini ne da kai ka bayar, kana iya zuwa bankinka ka nemi a janye shi. Sai dai abin da ya toshe hanyar biya ce kawai. Bashin bai taɓu ba. Ranar biya ta huɗu na zuwa, kamfani ya nemi kuɗi bai samu ba, a littafinsu ba za a rubuta cewa tela ya soke ba. Za a rubuta ya gaza biya. Wannan kalma ita ke buɗe ƙofar duk abin da zai biyo baya.

Me zai biyo baya? Da farko saƙonni da kira. Sai tarar jinkiri, in yarjejeniyar ta tanade ta, wani wajen kuɗi ne tsayayye, wani wajen kullum take hawa. In waya ce, akwai abin da ya fi tara saurin isowa. Yawancin wayoyin da ake bayarwa ta wannan hanya akwai manhajar kullewa a cikinsu tun daga shago. Wa'adi na wucewa sai fuskar wayar ta rufe, ba hoto, ba WhatsApp, sai saƙon da ke cewa ka biya. Telanmu da ya sayi waya don sana'a, ya zuba 129,000, ga waya a hannu ba ta da amfani, ga 75,000 a wuyansa. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa akwai yaro a kasuwar waya da zai buɗe ta. Ko ya buɗe, bashin yana nan, ka kuma ƙara wa kanka laifin saɓa yarjejeniya. Haka wanda zai sayar da ita ga wani ba tare da ya faɗa masa akwai bashi a kanta ba, wannan zalunci ne tsagwaronsa, ranar da ta kulle a hannun bawan Allah rigima ce za ta dawo ƙofar gidanka.

Sai na gaba, wanda ba a gani da ido. A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke ajiye tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Masu ba da lamuni suna kai musu rahoton wanda ya biya da wanda ya ƙi. Sunanka na shiga a matsayin wanda ya gaza, sai wata rana ka je neman jari a banki, ko rancen noma, a duba a ce a'a, kai kuwa ka manta da wata waya tun tuni. Soke rajistar kallon fim ba ta taɓa kai sunan kowa can.

Akwai kuma tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ake kira GSI. In wanda ya ba ka bashin banki ne ko wata cibiyar kuɗi da ke cikin tsarin, kuma ka sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓa, to in ka gaza biya suna iya bin BVN ɗinka su ciro kuɗinsu daga asusunka na wani bankin daban. Uwar kuɗi da kuɗin ruwa ake cira ta wannan hanya, ban da tara. Ba kowane kamfanin biya kashi-kashi ke da wannan dama ba, shi ya sa yake da kyau ka duba takardarka ka ga sunan ainihin wanda ya ba da lamunin, domin sau da yawa tambarin da ke kan rigar yaron daban, sunan da ke ƙasan yarjejeniya daban. Mai dabarar kwashe kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan ya san da wannan.

To ashe babu mafita? Akwai, amma duk cikinsu babu wadda ake kira sokewa. Bashi ta hanya uku yake mutuwa: a biya shi, a warware cinikin da ya haife shi, ko mai shi ya yafe. Duk abin da ba ɗaya daga cikin waɗannan ba jinkiri ne kawai.

Ɗauki biya tukuna. In telanmu ya samu wani kuɗi, ko ɗan'uwa ya tallafa masa, zai iya cewa a faɗa masa nawa zai biya yau a rufe littafi. Nan akwai lissafin da ya kamata ya sani kafin ya buɗe baki. Kowace 25,000 da yake biya, a misalinmu, 21,000 uwar kuɗi ce, 4,000 kuɗin ruwa. Wata uku da suka rage, uwar kuɗi 63,000, kuɗin ruwa 12,000. Wata yarjejeniyar ta ce in ka biya da wuri an ɗauke maka ruwan watannin da ba su zo ba, ka ba da 63,000 ka tafi. Wata kuwa ta ce 75,000 ɗin nan cif za ka biya ko yau ko nan da wata uku. Tsakaninsu Naira 12,000, kuɗin ɗinkin kaya ne guda. Saboda haka a nemi adadin a rubuce, ta saƙo ko ta cikin manhaja, kafin a tura ko kwabo. Masu mu'amala da bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su lura cewa a tsarin murabaha banki ne ya sayi kayan ya sayar maka a kan farashi tsayayye. Ba ya hawa don ka yi jinkiri kamar yadda ruwa ke hawa, amma rangwamen biya da wuri ba abin da za ka tilasta ba ne, sai abin da bankin ya ga dama. Shi ma ɗin bashi ne, ba a fita daga cikinsa da danna maɓalli.

Hanya ta biyu ita ce mayar da kaya, kuma a nan aka fi shan wahala, saboda waɗancan mutum uku da na ambata. Ka mayar wa mai shago waya don ta lalace a mako na biyu, ya karɓa ya jefa a durowa ya ce ka dawo jibi. Kai a ranka ciniki ya warware. Kamfanin lamuni kuwa bai san an yi ba. Na'urarsu ranar wata kawai ta sani, ranar na cika za ta cira. Bashin ba ya sauka sai mai shago ya sanar da kamfanin, ya mayar musu da kuɗin da suka ba shi. Don haka ranar da ka mayar da kaya, karɓi shaida a rubuce mai kwanan wata da lambar kayan, in waya ce har da lambar IMEI. A ranar kuma ka sanar da kamfanin da kanka, ka tura musu hoton shaidar. Wasu kamfanonin, Klarna alal misali, suna da wurin da za ka nuna a manhaja cewa ka mayar da kaya, sai su dakatar da cira na ɗan lokaci har a tantance. In naka bai ba ka irin wannan dakatarwa a rubuce ba, shawarata, duk da ɗacinta, ka biya kason da ya zo, ka bi kuɗinka daga baya. Bin kuɗin da ka biya ya fi sauƙi a kan goge sunanka daga jerin waɗanda suka gaza.

Ga yadda lissafin mayarwa yake tafiya a tsarin gida huɗu. Wata baiwar Allah ta sayi atamfa da takalmi na Naira 80,000, aka raba mata 20,000 sau huɗu. Ta biya biyu, saura 40,000. Sai ta mayar da takalmin, kuɗinsa 30,000. Kada ta zauna jiran alat na 30,000, ba zai zo ba. Za a zare shi ne daga abin da ake binta, ya rage saura 10,000. Sai in duka kayan ta mayar ne za a shafe 40,000 da suka rage, a kuma dawo mata da 40,000 da ta riga ta biya. Kuma ta duba sabon jadawalin da kyau, domin wasu kamfanonin daga kason ƙarshe suke fara zarewa, ke nan kaso na gaba yana iya fita a ranarsa.

Amma fa mayar da kaya yana da iyaka. Dokar mai shago ce ke aiki, ba ta kamfanin lamuni ba. In kaya lafiyarsu ƙalau, kai ne dai ka gaji da biya bayan wata uku, mai shago ba dole ne ya karɓa ba. Wasu kamfanonin da su ne ke ba da na'urar da kansu suna da tsarin karɓarta in ka kasa, da sharuɗɗansu kan abin da za a mayar maka. Wannan tambaya ce da ake yi ranar sa hannu, ba ranar da aka shiga matsi ba.

In kuwa babu kuɗin rufewa, babu damar mayarwa, saura magana. Telanmu ya kira kamfanin kafin ranar biya, ba bayanta ba. Wannan tazarar tana da nauyi ƙwarai. Kafin ranar, shi abokin ciniki ne mai neman sassauci. Bayan ranar, fayil ɗinsa ya koma teburin masu karɓo bashi, su kuma aikinsu daban. Ya faɗi abin da zai iya a fili: ba zan iya 25,000 ba, zan iya 12,500 na wata shida, ko a ɗaga min ranar zuwa mako biyu. Ba dole ne su yarda ba, kuma in sun yarda ya tambaya ko tsawaitawar za ta ƙara kuɗin ruwa, nawa ne jimilla. Duk abin da aka amince a waya, ya ce a turo masa a rubuce. Alkawarin muryar da ba ka san mai ita ba, ba ya hana na'ura kulle waya.

Wani abu da nake gani yana halaka mutane a daidai wannan gaɓa shi ne cin sabon bashi a manhajar rance don a biya kason wata. Ka rufe 25,000 da rancen mako biyu mai ruwa mai zafi, wata mai zuwa bashi biyu ke gabanka. Gara ka sayar da wani abu naka da ba ka buƙata.

[Ɗan kiɗa]

Yanzu ga wani mai fuska biyu da ya kamata a yi hattara da shi. Akwai rajistar da ake biya wata-wata amma a ƙasa alkawarin shekara ce. Sanannen misali shi ne kamfanin Adobe, mai manhajar Photoshop da masu zanen hoto da masu buga katin biki suka sani. Yana da tsarin shekara da ake biya duk wata. In ka soke cikin kwana 14 na farko ana mayar maka da kuɗinka. In ka wuce haka, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. Ka yi wata huɗu ka ce ka fasa, saura takwas, sai ka biya kuɗin wata huɗu kafin a sallame ka. A watan Yunin 2024 hukumomin Amurka sun maka kamfanin a kotu bisa zargin bai bayyana wannan sharaɗi yadda ya kamata ba. Irin wannan tsari ana samunsa a wasu wuraren motsa jiki, da wasu kamfanonin intanet na gida ko ofis. Akwai kuma akasin haka: na'urar sola ko waya da ake biya kullum ko mako-mako, in ba ka biya ba ta ɗauke kamar dikoda, har ka ɗauka rajista ce, alhali kuɗin mallakar na'urar kake biya, kuma akwai jimillar da ka sa hannu za ka cika.

Yadda za ka gane wanne ne a gabanka, nemi abu biyu a takardar ko a fuskar waya kafin ka danna amincewa. Shin akwai jimillar kuɗi da ranar gamawa? In an rubuta jimilla kaza, biya kaza, za a gama ranar kaza, bashi ne, ko alkawari mai wa'adi. In kuwa an rubuta kaza duk wata har sai ka soke, rajista ce. Sannan ka tambayi wakilin kai tsaye: in na daina biya bayan wata biyu, nawa za ku bi ni? In amsar ita ce ba komai, sai dai mu rufe maka, to ka san inda kake. In ya fara kame-kame, nemi ya nuna maka layin a rubuce.

Wani ɗan tsokaci da ya shafi iyali. In mutum ya rasu, rajistocinsa sai dai a rufe su, a sanar da banki, magana ta ƙare. Ragowar bashin kashi-kashi kuwa yana cikin abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci kafin rabon gado, sai in yarjejeniyar tana da inshorar da ta ɗauke shi. Mai irin wannan bashi ya kyautu wani a gidansa ya sani.

Kuna iya tambaya, to in kamfanin ne ya yi ba daidai ba fa? In an ci gaba da cire maka kuɗin rajista bayan ka soke, hoton nan da na ce ka ajiye shi ne makaminka. Kai wa kamfanin, in bai gyara ba ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafi. Banki yana da mako biyu, in ya wuce ba a warware ba kana iya ɗaukaka maganar zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. A nan toshe kati ma yana da amfani, tunda ba a binka komai. A ɓangaren bashi kuwa, in an cire fiye da abin da aka yi yarjejeniya, ko ana kiran 'yan'uwanka da abokanka ana ci maka mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙara, kuma tun 2022 ta wajabta wa masu ba da rance ta manhaja yin rajista da ita. Sai dai a sani, ƙarar tana tsayar da cin mutunci ne da cajin da ba bisa ƙa'ida ba. Ba ta shafe uwar kuɗin da ka ci.

Ko ranar da telanmu ya biya kason ƙarshe, akwai sauran ɗan aiki. Ya nemi takarda ko saƙon da ke cewa ya gama, ba a binsa komai. Ya tabbatar an cire manhajar kullewa daga wayar, ba wai an buɗe ta na wata ɗaya ba. Ya je banki ko ya shiga manhajar bankinsa ya duba ko izinin cira yana nan a raye, in yana nan a kashe shi, domin yanzu ne lokacin da toshewa ta halatta gare shi. Bayan wata ɗaya ko biyu kuma ya nemi rahotonsa daga ɗaya daga cikin kamfanonin tarihin bashi, dokar tarihin bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. In ya ga har yanzu an rubuta ana binsa, waccan takardar gamawa ita zai tura musu a gyara.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]